Yadda ake zaɓa tsakanin SSD da HDD wajen sayen laftof mai araha

A layin laftof masu sauƙin kuɗi, sau da yawa za ka tarar da biyu gefe da gefe, kuɗinsu kusan ɗaya, firosesa ɗaya, RAM ɗaya. A takardar ta farko an rubuta 1TB HDD, a ta biyu kuma 256GB SSD, wato girma da nau'in ma'ajiyar bayanai da ke cikin kowace. Ido yakan fara sauka kan babbar lamba, domin terabait ɗaya ya ninka gigabait 256 kusan sau huɗu. Shawarata tun daga farko ita ce Windows da manhajojinka su zauna a kan SSD, sauran tarin kaya kuma a nema musu wuri daga baya. Ƙarancin wuri ana magance shi da ma'ajiyar waje. Nawar HDD kuwa ba ta da magani sai an cire shi. Sai dai akwai yanayin da mai HDD ɗin ce ta fi dacewa a saya, akwai kuma ma'ajiya ta uku da ke shiga rigar SSD alhali ba ita ba ce. Ga yadda ake bi a tantance.

Da farko, gane inda nawar take fitowa

HDD faifai ne na gaske da ke juyawa a cikin akwatin ƙarfe, da wani siririn hannu mai ɗauke da kan karatu yana kai da komo a samansa. Na laftof faɗinsa inci 2.5 ake kiransa, kuma yawancinsu suna juyi 5400 a minti ɗaya, wato 90 a sakan. Duk lokacin da kwamfuta ta nemi wani fayil, sai hannun ya matsa zuwa layin da fayil ɗin yake, sannan ya jira faifan ya kewayo da wurin zuwa ƙarƙashinsa. Juyi ɗaya yana cin kusan milisakan 11, matsakaicin jira rabin haka ne, in an haɗa da tafiyar hannun sai a tashi da milisakan 15 ko kusa da haka kafin a fara karanta komai. SSD ba shi da abin da ke motsi. Guntayen lantarki ne, kuma yana kaiwa ga kowane wuri cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na milisakan.

A kan babban fayil guda ɗaya bambancin ba ya ba da tsoro. HDD na laftof yana karanta kusan megabait 100 a sakan, SSD mai mahaɗin SATA kuma kusan 500 zuwa 550. Bidiyo mai gigabait 10 zai ɗauki sakan ɗari a na farko, sakan ashirin a na biyu. Mutum zai iya haƙuri da wannan.

Matsalar ita ce aikin yau da kullum ba babban fayil ɗaya ba ne. Kunna Windows, buɗe burauza, sabunta tsari, binciken manhajar kariya, duk karatu ne da rubutu na dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse. Ɗauki ƙananan buƙatu dubu goma. A milisakan 15 kowace, HDD zai kwashe sakan 150, minti biyu da rabi ke nan. A SSD lissafin bai wuce sakan ɗaya ba. A zahiri tsarin yana dabarar jera buƙatun ya rage tafiyar hannun, don haka ratar ba ta kai haka daidai ba, amma daga nan ne nawar take fitowa. Shi ya sa za ka ga sabuwar laftof fil, an kunna ta, allon farko ya bayyana, amma minti biyu ko uku duk abin da ka danna ba ya amsawa. In ka buɗe Task Manager a lokacin, za ka ga Disk ya tsaya a 100% alhali firosesa na hutawa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan firosesa su je su sayi mai ƙarfi, ita ma da HDD, su sake tarar da halin da suka gudu.

Mataki na ɗaya: auna kayanka kafin ka fita

Kada ka yi kirdado. In kana da tsohuwar kwamfuta mai Windows, shiga Settings, sai System, sai Storage, ka ga abin da ke cin wuri. In ba ka da ita, dubi wayarka da duk inda ka tara hotuna da takardu. Raba kayan gida biyu: waɗanda kake buɗewa kullum ko kowane mako, da waɗanda ajiya ce kawai.

Ka kuma san cewa lambar da ke jikin kwali ba ita za ka gani a allo ba. Masu ƙera ma'ajiya suna ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows kuma da 1024. Saboda haka 128GB yana fitowa kusan 119, 256GB kusan 238, 512GB kusan 476, 1TB kuma kusan 931. Ba cuta ba ce, salon ƙirga ne.

Bari mu bi misali guda. A ce ɗaliba ce, abin da ta auna shi ne: takardun karatu da littattafan PDF gigabait 8, hotuna 35, bidiyon darussa da fina-finai 280. Windows 11 da sabuntawarsa da fayilolin da yake ajiye wa kansa a ware musu 40. Manhajar ofis, burauza da sauran ƙanana a ware 20. Sannan a bar wajen gigabait 35 babu komai, domin SSD da ya cika maƙil yakan rage saurin rubutu, kuma babbar sabuntawar Windows tana neman filin da za ta sauka kafin ta shiga. Jimilla ban da bidiyo: 8 da 35 da 40 da 20 da 35, ya kama 138. A cikin 238 saura ɗari cif. Wannan ɗarin ya ishi darussan zangon da take ciki. Sauran bidiyon ajiya ce, kuma bidiyo shi ne ainihin irin kayan da HDD ke iyawa da kyau, tunda babban fayil ne da ake karantawa a jere daga farko zuwa ƙarshe. HDD na waje mai kebul ɗin USB zai riƙe shi ba tare da ta ji wani bambanci wajen kallo ba.

Ga wannan ɗalibar, 256GB SSD ya wadatar. 128GB ba zai ishe ta ba, domin 138 ya riga ya wuce 119. Wanda kuma yake son manyan wasannin kwamfuta na zamani, waɗanda guda ɗaya kan ci gigabait 50 zuwa sama da 100, ko mai haɗa bidiyo, shi 512GB ne mafarinsa.

Mataki na biyu: karanta takardar bayani da idon zargi

Nan ne aka fi yi wa mai saye rufa-ido, don haka zan ɗan daɗe.

Abu na farko shi ne eMMC. Laftof mafi araha sau da yawa ba HDD ke cikinsu ba, ba kuma SSD na sosai ba. Ƙaramin guntu ne da aka liƙa da dalma a kan babban allon lantarki da ke cikin kwamfutar, ɗan'uwan katin ajiya ne, girmansa yawanci 32GB, 64GB ko 128GB. Talla takan kira shi “flash storage”, wani lokaci ma a rubuta SSD kai tsaye. Wajen buɗe ƙananan fayiloli ya fi HDD, wannan gaskiya ne. Amma ba ya cirewa, ba ya canzuwa, kuma ƙanƙantarsa ce ke kashe shi. Mafi ƙarancin ma'ajiyar da Windows 11 ke nema ita ce 64GB, wadda a allo ba ta kai 60 ba. Bayan tsarin ya zauna, abin da ya rage kaɗan ne, kuma watanni kaɗan za ka fara share kaya don sabuntawa ta samu wurin shiga. In ka ga 32GB ko 64GB a laftof mai Windows, ka ɗauka eMMC ne har sai an nuna maka akasin haka. Ba na ba da shawarar sayenta sai in tana da gurbin M.2, wato ramin da ake soka siririn SSD mai kama da sanda, da babu komai a ciki. A Chromebook, laftof mai tsarin Google maimakon Windows, inda tsarin ƙarami ne kuma yawancin aiki a intanet yake, maganar ta sha bamban.

Na biyu, masu haɗin gambiza. In ka ga SSHD, HDD ne da aka ƙara masa ɗan guntun lantarki, yawanci 8GB, don ya tuna fayilolin da aka fi buɗewa. Haka ma tsofaffin laftof masu Intel Optane na 16GB tare da HDD. Wasu tallace-tallace har sukan haɗa 16 ɗin da RAM 4 su rubuta 20GB, alhali RAM ɗin 4 ne kawai. Dukkansu suna ɗan hanzarta kunnawa, amma da zarar ka buɗe abin da ba ka saba buɗewa ba, sai ka koma kan faifai mai juyawa. Ka lissafa su a matsayin HDD.

Na uku, SATA ko NVMe. SSD iri biyu ne. Na SATA iyakarsa kusan megabait 550 a sakan. Na NVMe yana bi ta layukan PCIe, kuma na ƙarni na uku mai layi huɗu yana kaiwa kusan 3500. Lambar tana da burgewa, amma ga mai rubutu, bincike a intanet da kallon bidiyo, tsallen da ake ji a jiki shi ne daga HDD zuwa kowane irin SSD. Daga SATA zuwa NVMe sakan ɗaya ko biyu ne wajen kunnawa. Kada ka bar laftof mai RAM 8GB da SSD na SATA ka ɗauki mai RAM 4GB saboda an rubuta NVMe.

Tunda an ambaci RAM: idan ya cika, Windows yakan ara wuri a ma'ajiya ya zuba abin da ya yi masa yawa. RAM 4GB tare da HDD shi ne haɗin da ya fi kowanne azaba, domin kowane shafin burauza da ka koma kansa sai an jira faifai ya kewayo. SSD yana rage zafin, amma ba ya zama madadin RAM.

Mataki na uku: tabbatar da idonka

In laftof ɗin na gabanka, minti biyu ya isa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, zaɓi Disk 0. Za ka ga an rubuta SSD ko HDD, da lambar samfurin ma'ajiyar a sama ta hannun dama. Rubuta lambar nan, ita ce ba ta ƙarya. Bincikenta a intanet zai gaya maka ainihin abin da ke ciki. In kana son ƙarin bayani, buɗe PowerShell ka rubuta:

```
Get-PhysicalDisk | Select FriendlyName, MediaType, BusType, Size
```

MediaType zai nuna SSD ko HDD. BusType zai nuna SATA ko NVMe, in kuma ka ga SD ko MMC, to eMMC ne. Wani lokaci yakan nuna RAID ko Unspecified saboda yadda aka saita injin. A nan sai ka koma ga lambar samfuri. A Linux kuma:

```
lsblk -d -o NAME,ROTA,SIZE,MODEL
```

Lamba 1 a ƙarƙashin ROTA na nufin faifai mai juyawa, 0 kuma babu motsi. Suna mai farawa da nvme NVMe ne, mai farawa da mmcblk kuma eMMC.

In ta intanet kake saye, nemi cikakkiyar lambar samfurin laftof ɗin, ba sunan jerin kawai ba. Kamfani ɗaya yakan fitar da suna ɗaya da ciki iri goma.

Mataki na huɗu: tambayi ko ana iya buɗe ta

Wannan ne ke yanke hukunci a kan laftof mai HDD. Kusan kowace laftof da ke ɗauke da HDD na inci 2.5 tana da gurbin SATA, kuma SSD na inci 2.5 yana shiga wannan gurbin daidai, mahaɗi ɗaya, ramukan ƙusa ɗaya. Kauri kawai za a duba: SSD yawanci milimita 7 ne, tsofaffin gurabe kuma 9.5, sai a sa ɗan matashi na roba don kada ya yi ta motsi. Wato laftof mai HDD ba matacciya ba ce, gyaran rabin awa take jira.

Abin da ya fi wannan daɗi shi ne laftof masu gurbi biyu. Da yawa daga cikin masu allon inci 15.6 na ƙarshen shekarun 2010 an sayar da su da HDD a gurbin SATA, ga kuma gurbin M.2 zaune babu komai. Irin wannan, in ka sa SSD a M.2 ka mayar da Windows can, ka bar terabait ɗin don ajiya, ka samu duka biyun a gida ɗaya. Nemi littafin gyara na samfurin a shafin kamfanin, ka duba abu biyu. Na ɗaya, wane iri gurbin yake karɓa, SATA ko NVMe ko duka, domin kamanninsu ɗaya ne kuma sandar da ba ta dace ba takan shiga wani lokaci amma injin ya ƙi ganinta. Na biyu, tsawo: 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, kuma shi ne aka fi samu, amma akwai 2242 da 2230.

Akasin haka ma sai a duba. Siraran laftof masu SSD wasunsu an liƙa shi a babban allon lantarki na ciki, ba ya fita. In 256GB ne a liƙe, to shi ke nan har ƙarshen rayuwar injin. Ka kuma karanta sharaɗin garanti kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, tunda kamfanoni sun bambanta a kan haka.

Yanzu koma ga ɗalibarmu da laftof biyun farko. In komai nasu ɗaya ne, ta ɗauki mai 256GB SSD, ta ƙara HDD na waje lokacin da hali ya yi. Amma a ce mai HDD ɗin ta fi ƙarfin firosesa, ko RAM ɗinta 8GB ne ɗayar kuma 4GB a liƙe, ko allonta ya fi kyau. To sai ta tambayi kuɗin SSD na 256GB ta ɗora a kan kuɗin laftof ɗin. In jimillar na cikin abin da za ta iya, mai HDD ɗin ce ciniki mafi kyau, domin firosesa da allo ba sa canzuwa, ma'ajiya kuwa tana canzuwa. HDD ɗin da aka ciro ma ba ya tashi a banza: a sa shi a ƙaramin akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje. Sharaɗin kawai shi ne a yi canjin tun a makon farko, kafin kaya su taru, don a sa Windows sabo cikin sauƙi. Wanda ya san ba zai taɓa buɗe laftof ba, ba zai kuma kai wa mai gyara ba, ya manta da wannan hanyar ya sayi mai SSD.

Mataki na biyar: in ta hannu ce, duba lafiyar ma'ajiyar

Laftof masu araha da yawa an riga an yi amfani da su. Kowace ma'ajiya tana riƙe da tarihin lafiyarta a wani tsari mai suna SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi. Ana iya ɗauko ta a filashi ba sai an girka ba. A HDD, dubi layuka uku: Reallocated Sectors Count, Current Pending Sector Count da Uncorrectable Sector Count. Ainihin ƙimarsu, wadda ke ƙarƙashin Raw Values, ya kamata ta zama sifili. In ba sifili ba ce, saman faifan ya fara lalacewa, kuma irin wannan lalacewar gaba take yi, ba ta komawa baya. Kasa kunne kuma. Ɗan gurnani mai laushi al'ada ne, amma ƙas-ƙas mai maimaituwa tare da daskarewar allo alama ce ta faifai da ke bankwana. Power On Hours zai gaya maka awannin da ya yi a kunne, wanda ke taimakawa in an ce maka “kusan sabuwa ce”.

A SSD abin dubawa shi ne kason lafiyar da ya rage da kuma Total Host Writes, wato jimillar abin da aka taɓa rubutawa. Tsoron cewa SSD yana ƙarewa da rubutu yana da tushe, sai dai lissafi yana kwantar da hankali. Kamfanoni suna ba da adadin da suka lamunta, ana kiransa TBW, kuma ga SSD mai kusan 250GB yakan kama daga terabait 60 zuwa 150. Mai rubuta gigabait 20 kullum, wanda ya fi abin da yawancin masu aikin ofis da karatu ke yi, yana cin terabait 7.3 a shekara. Ko a kan 80 TBW, shekara goma sha ɗaya ke nan. Batir da madannai da maƙalar murfi za su riga shi gajiya.

Inda HDD ya fi rauni a laftof shi ne girgiza. Kan karatunsa yana shawagi ne a saman faifai da ratar da ido ba ya gani, don haka faɗuwa daga tebur yana cikin aiki na iya sa ya karce faifan. Laftof kuwa abin ɗauka ne, ana rufe ta a jefa a jaka tun ba ta gama barci ba. SSD bai damu da wannan ba, ba ya ƙara, kuma yana ɗan rage cin batir.

Shi ma yana da nasa aibin, kuma ya kamata a san shi kafin a biya kuɗi. HDD sau da yawa yakan yi gargaɗi da ƙara da nawa kafin ya mutu. SSD yana iya ɗaukewa dare ɗaya, ka kunna da safe injin ya ce bai ga ma'ajiya ba. Ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya, har fayil ɗin da ka share bisa kuskure ma, saboda wani umarni mai suna TRIM yana sa SSD ya goge wurin ba da jimawa ba. Saboda haka HDD na wajen da ɗalibar za ta saya aiki biyu zai yi: ya riƙe bidiyon da ba su samu wuri ba, ya kuma riƙe kwafin takardunta da hotunanta, gigabait 43 ɗin nan da ba za a iya sake saukewa daga ko'ina ba. Ta riƙa sabunta kwafin kowane mako, ta kuma cire kebul ɗin ta ajiye shi daban da jakar laftof ɗin.